Inji ya cinye mini yatsu biyu, kamfani na so in sa hannu in karɓi dubu ɗari uku

Ɗan Sharaɗa: Salamu alaikum 'yan uwa, ina cikin damuwa. Shekara shida ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, kawuna ne ya sama mini aikin, kuma da shi na yi aure. Wata huɗu da suka wuce, a aikin dare, inji ya kama mini hannun dama, aka cire manuniya da ɗan tsakiya. Su suka biya kuɗin asibiti. Albashina dubu 80 ne, tun wata na biyu rabi suke ba ni. Yanzu manaja ya ce in karɓi dubu 300 in sa hannu cewa magana ta ƙare. In karɓa?

Baban Hanifa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya. Kada ka sa hannu tukuna. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfani ya riƙa biyan NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da asusun diyyar ma'aikata, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire ko kwabo daga naka, kuma daga asusun nan ake biyan diyya. Kai kana da kwana 14 ka sanar da kamfani, su kuma kwana 7 su kai rahoto. Sun kai? Wannan ne ba ka faɗa ba. Wa'adin shigar da buƙata shekara ɗaya ne, kuma wata huɗu sun riga sun tafi.

Maman Iman: Allah sarki. Maigidana ma ya faɗo daga saman gini, ƙugu ya goce, ɗan kwangilar ko dubiya bai zo ba. Filina na gado na sayar muka yi magani. Ƙanena ka karɓi abin da ke hannu, da babu gara ba daɗi.

Abu Sadik: Kashi 90 na albashinka za su riƙa ba ka har ƙarshen rayuwa, wato dubu 72 duk wata. Ka kuma maka kamfanin a kotu ka ci biyu.

Baban Hanifa: Abu Sadik, ba haka ba ne. Kashi 90 na cikakken albashi na wanda ya nakasa gaba ɗaya ne, wanda ba zai sake aiki ba. Shi yatsu ya rasa. Sai ciwon ya warke likita ya auna hannun, ya ga abin da yake iya riƙewa, sannan a yanka masa kaso. A ce an yanka kashi 20: abin da ya rasa a dubu 80 ya zama dubu 16, kashi 90 na wannan kuma naira 14,400 ne a wata. Kamar kaɗan ne, amma cikin wata 21 ya zarce dubu 300 ɗin, kuma ga wanda bai kai shekara 55 ba biyan yana tafiya har ya kai. Maganar cin biyu kuwa babu ita, doka ta ce zaɓi za ka yi, ko diyya ko ƙara. Watannin jinya su ma da lissafinsu daban, haka magani da gashin hannu.

Ɗan Sharaɗa: Na gode Baba. Amma mutanen nan ba su wulaƙanta ni ba, manaja da kansa ya kai ni asibiti ƙarfe biyun dare, rigarsa duk jini. In na je ofishin gwamnati kamar na kai ƙararsu ne, da wane ido zan kalli kawu? Ga kuɗin haya watan gobe.

Malam Na Kasuwa: Ka je wajen masu fanshonka, ai ana cire kaso ɗaya cikin huɗu.

Baban Hanifa: Malam, wannan na wanda ya rasa aiki ne, ba diyyar rauni ba. Ɗana, in masu kamfanin suna biyan NSITF kasonsu ai ba aljihunsu za a taɓa ba, to me ya sa suke gaggawar takarda? Ni abin da nake zargi ke nan. Kuma doka ba ta yarda ma'aikaci ya yafe haƙƙin nan da yarjejeniya ba, sai dai takardar za ta jawo maka ja-in-ja. Gobe ka karɓi rahoton likita da hoton ƙashi, ka adana takardar albashi, ka tambaye su lambar rajistarsu.

Maman Iman: Shi da yunwa ke damu ana ta lissafin shekara 55. Yaran za su ci rahoton likita ne?

Ɗan Sharaɗa: Takardar albashi ba a ba mu, a hannu muke karɓa. Kuma sunan da ke jikin katina na wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne, ba na masu robar ba.

Baban Hanifa: To ai da wannan za ka fara! Dokar ta haɗa har da ɗan wucin gadi, amma sai an san wa ya yi maka rajista a cikinsu. Wa ke miƙa maka kuɗin a ƙarshen wata?

Ɗan Sharaɗa: Bari in fara yin magana da kawu. Manaja ya ce zuwa Juma'a yake jiran amsa.