Kamfanin talla ko ma'aikatanmu na cikin gida? Ina neman shawara

Hajiya Rabi, Samaru: Assalamu alaikum. Muna yin yogot a nan Samaru ta Zariya, ma'aikata 22, muna kai wa shaguna a Sabon Gari, PZ, Tudun Wada da cikin birni. Yanzu muna son shiga Kaduna. Na ware naira 900,000 a wata don talla. Wani kamfanin talla na Abuja ya ce zai riƙe mana komai a kan 600,000 duk wata, ban da kuɗin da za a biya Facebook da rediyo. Ƙanena kuma ya ce gara in ɗauki matasa uku su zauna a ofis. Wanne ya fi?

Usman Kwangila: Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi kada ki ba 'yan Abuja kuɗinki. Ga yara nan birjik a ABU da Nuhu Bamalli, sun iya ɗaukar bidiyo da waya, sun san abin da ke tashe a TikTok. Dubu ɗari-ɗari ma godiya za su yi miki.

Malam Bashir: Hajiya, na yi shekaru a ɓangaren tallan wani kamfanin kayan sha, kuma na yi aiki da kamfanonin talla, don haka bari mu fara da lissafi. Ki tambaye su ko 600,000 ɗin da harajin VAT a ciki. In babu, kashi 7.5 cikin 100 zai hau, ya zama 645,000. Abin da ya rage a 900,000 shi ne 255,000, kuma da shi kaɗai tallan zai isa idon mutane da kunnensu. Wato sama da kashi biyu cikin uku na kuɗinki ladan masu aiki ne. Irin wannan yarjejeniya ta dace da mai zuba miliyoyi a talla duk wata, ba mai kasafi irin naki ba.

Shawarar ƙanenki ma ba ta da araha kamar yadda ake gani. A ce albashin ukun ya kama 370,000. Tunda ma'aikatanki sun haura 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kanki, za ki ɗora kashi 10 cikin 100 naki. Ga kwamfuta, waya mai kyamara, fitilar ɗaukar hoto, data da kuɗin zirga-zirga. Abin da ya fi damuna shi ne wa zai duba aikinsu. In babu wanda ya san talla a samansu, za su yi ta ɗora hotuna masu kyau kullum, mabiya su ƙaru, amma motar kaya ta ci gaba da fita da adadin da ta saba.

Da ni ne, mutum ɗaya zan ɗauka, wanda ya taɓa sayar da kaya ga shaguna, ya iya rubuta Hausa da Turanci, ba ya tsoron lissafi. In ba shi albashi mai kyau. Shi zai amsa saƙon kwastoma a WhatsApp Business, ya rubuta daga ina kowace oda ta zo, ya kawo miki rahoto duk mako. Kamfanin talla kuma a saye shi da aiki-aiki: su tsara shigar Kaduna na wata uku, su yi bidiyo uku ko huɗu da sautin tallan rediyo, a biya, a rabu lafiya. Aikin da ake yi kullum kuma yake buƙatar sanin kayanki ya zauna a gida. Wanda ake yi jefi-jefi kuma yake buƙatar kayan aiki masu tsada a ɗauko shi daga waje.

Sani Ɗan Magaji: Ni dai a ganina ki nemi dila babba a Kaduna mai ɗakin sanyi, ki ba shi kaso. Ina da wanda na sani in kina so.

Hajiya Rabi: Na gode Malam Sani, muna kan maganar dila daban. Wannan tambayar ta talla ce. Malam Bashir, ta yaya zan gane aikin yana ci, ko na waje ne ko na gida?

Malam Bashir: Da adadin shagunan da suka karɓi kaya kuma suka sake yin oda, Hajiya. Ki sa alƙalumanki a wannan misalin. In ribarki a fakiti ɗaya 1,200 ce, shago yana ɗaukar fakiti 10 a mako, to shago ɗaya yana kawo miki wajen 48,000 a wata. Sai kin samu sabbin shaguna 19 da suka ɗore kafin su ɗauki nauyin 900,000 da kike kashewa duk wata. Wannan adadin za ki ajiye a gaban duk wanda ya zo neman aikin, ki ji me zai ce. Wanda ya fara tambayarki kwana nawa yogot ɗinki ke yi kafin ya lalace, mota nawa gare ki, ranakun da take zuwa Kaduna, da ko shagunan suna da firij da wuta, ya san aikinsa. Wanda ya buɗe baki da alkawarin mabiya dubu hamsin, ki sallame shi. Yogot ba atamfa ba ce da za a saka a mota a aika Legas. Duk wanda ya ga tallanki a garin da kayanki ba sa zuwa, kin biya kuɗin kallonsa a banza. A rahoton Facebook akwai inda ake raba masu kallo jiha-jiha. Ki sa a buɗe miki shi a gabanki duk wata.

Maman Hanifa: Yaya Rabi, don Allah ki ji wannan da kyau. Ina sayar da kayan yaji, na taɓa ba wani kamfani aiki, su suka buɗe shafin Facebook da asusun tallan da sunansu. Da muka ɓata, suka riƙe komai, har lambar da kwastomomi suka sani, sai da na fara daga farko. Ki buɗe `Business portfolio` da sunan kamfaninki da imel ɗin kamfani, ke ce mai `Full control`, su kuma ki saka su a `Partners`. Kuɗin talla ya fita daga asusunki kai tsaye don ki ga kowace naira. Layin waya ma da sunanki a yi masa rajista. Ma'aikacin gida ma haka, don ɗalibi in ya gama karatu bautar ƙasa zai tafi, ya tafi miki da lambar sirri.

Barista Amina: Hajiya, ƙarin abu ɗaya. Yogot yana ƙarƙashin NAFDAC, kuma tallan irin waɗannan kaya sai da izininsu, ban da lambar rajistar da ke jikin roba. Sannan hukumar kula da talla, ARCON, da ta maye gurbin APCON a 2022, tana buƙatar a tantance talla kafin a fitar da shi. A nan kamfanin talla mai rajista ya fi yaran cikin gida amfani, don sun saba da takardun. A rubuta a yarjejeniya wa zai nemo izinin, da cewa duk bidiyo da hoto mallakinki ne bayan an biya, da wa'adin kwana 30 na rabuwa. Kuma kada a bar kowa ya ce yogot ɗinki yana maganin wata cuta.

Usman Kwangila: Duk na yarda, amma har yanzu ina nan a kan bakata. Mutumin Abuja bai san yadda mai shago a Kawo ko Kasuwar Barci yake magana ba. Turanci za su rubuta su ba wani ya juya, ka ji Hausar kamar ba a nan aka haife ta ba.

Malam Bashir: Wannan kam kana da gaskiya, Usman, shi ya sa mutumin gida zai duba duk rubutu kafin ya fita. Inda na saɓa da kai shi ne iya bidiyo ba iya sayarwa ba ne. Ni da za a bi ta tawa ma, rabin kuɗin watan farko a ɗanɗana wa masu shaguna kaya kyauta zai tafi, kafin a taɓa Facebook.

Maman Hanifa: Malam, ni a Facebook na samu manyan dilolina biyu fa.

Hajiya Rabi: Allah ya saka da alheri. Zan tambaye su farashin aikin wata uku kawai, in sa cigiyar mutum ɗaya. Malam Bashir, irin wannan mutumin nawa ya kamata in sa masa, kuma albashi zalla ko da kaso a kan kowane sabon shago?