Taƙaitawa: abin da aka tattauna kan saitin zaurenmu na WhatsApp

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da na tsinto daga muhawarar jiya, bayan baƙin lambobi sun cika zaurenmu na 'yan Ƙofar Ƙaura da tallace-tallace. Duk saitin yana ƙarƙashin Group permissions, idan an taɓa sunan zaure, ban da Reset link da ke wurin mahaɗar gayyata.

1. Kowa ya amince a kashe Edit group settings, ya zamana shugabanni kaɗai ke canza suna da hoto da bayanin zaure.

2. Shigo da sababbi ne aka fi daɗewa a kai. Da yawa sun ɗauka kashe Add other members ya wadatar, alhali mun kashe shi tun tuni, baƙi kuma ba su daina shigowa ba. Ashe tsohuwar mahaɗar gayyata ce ke yawo a wasu zaurukan, duk wanda ya taɓa ta sai ya faɗo. Ana gane haka daga ɗan rubutun da ke fitowa cewa mutum ta mahaɗa ya shigo. Shawara ita ce a danna Reset link don tsohuwar ta mutu, sannan a kunna Approve new members, kowa ya jira sai shugaba ya tantance shi. Ni ma nan na tsaya.

3. An rabu kan Send new messages. Dattawa na son a kashe shi da daddare don a huta. Wasu suka ce rasuwa da rashin lafiya ba sa jiran safiya, in an rufe wa zai sanar? Wannan ba a yanke ba tukuna.