Kyautar uba ga ɗa guda: abin da na tsinta a hirarmu

Jiya bayan la'asar a majalisarmu nan Mabera aka tada zancen wani dattijo da ya ce ya ba autansa gida, sai Allah ya yi mai rasuwa, sauran ɗiya suka ce ba su san zancen ba. Malamin da ke cikinmu ya ce gado sai bayan mutuwa kuma rabon Allah ne, ita ko hiba, wato kyauta, mutum na yinta da ransa da lafiyarsa, amma a Malikiyya ba ta tabbata sai da hauzi, wato yaron ya karɓi abin tun uban na da rai. To shi wanga dattijo a gidan ya ci gaba da zama har ya cika, bai kwashe kayansa ba, don haka ko da takarda da shaidu gidan gado ne.

In kuma a ciwon ajali aka yi kyautar, hukuncin wasiyya gare ta, magaji ko ba shi da wasiyya sai in sauran sun yarda. Wani ya kawo hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda ubansa ya yi mai kyauta shi kaɗai cikin ɗiyansa, Annabi ya ƙi zama shaida, malam ya ce fifita ɗa guda abin ƙi ne, amma in hauzi ya cika da wuya alƙali ya warware ta.