Wane suna za mu ba tsayawar numfashi a cikin barci?

Mai tambaya, Gwammaja: Assalamu alaikum. Maigidana yana ɗaura agogon da ke auna bugun zuciya, kuma zanen da ya nuna mana na daren Talata ya yi kama da haƙoran zarto: bugun ya sauka zuwa 52, ya haura 96, ya sake sauka, haka har Asuba. Ni kuwa ina jin minsharinsa ya yanke ɗif, na ƙirga daƙiƙa 20, sannan ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Turawa suna da suna ga wannan, amma ina neman kalmar Hausa da zan faɗa wa mahaifiyarsa ta yarda a je asibiti.

Wani dattijo, Fagge: 'Yata, ai wannan dannau ne, mun san shi tun muna yara.

Malamar jinya: Baba, a gafarce ni, mai dannau yana farke, motsi ne ya gagare shi, kuma da safe zai ba da labari. Wannan kuwa bai san abin da ya faru ba. Naman maƙogwaro ne ke saki idan barci ya yi nauyi, ya rufe hanyar iska, ƙirji yana ta ja amma babu abin da ke shiga. A lokacin zuciya takan rage gudu, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da shi, bugun ya yi sama. Likitoci suna ƙirga tsayawar da ta kai daƙiƙa 10: sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ce, sau 30 zuwa sama mai tsanani ce.

Mai fassarar labarai: Na so in ce sarƙewar numfashi, tunda kunne ya saba da ita.

Malamar jinya: Malam, da ita ake kwatanta mai asma, wanda ke kokawa da numfashi ido biyu, kuma ina tsoron a saya masa maganin shaƙa a ce an gama. Na fi son ɗaukewar numfashi a barci, domin ta haɗa har da nau'in da maƙogwaro a buɗe yake, ƙwaƙwalwa ce ta jinkirta umurnin numfasawa.

Mai fassarar labarai: Hajiya, ta dace da ma'ana, sai dai a Kano idan aka ce numfashi ya ɗauke, tsofaffi salati za su fara. Ni zan riƙe minshari mai yankewa.

Malamar jinya: A gida ta wadatar, ko da yake ta ambaci alama ce kawai. 'Yar'uwa, agogo ba ya tabbatar da cutar, domin madauri mai sako-sako ma yana ɓata zanen. Ki naɗi sautin minsharin a waya, ku kai wa likita tare da zanen dare bakwai, ku tambaya game da gwajin barci. Idan yana gyangyaɗi da rana, ya dakata da tuƙi tukuna.