Neman kalmar Hausa: rubutun da ake karɓa a aji a farkon zango don kwatanta ayyukan gaba

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Muna shirya takardar jagora ta Hausa ga sababbin malamai, kuma mun tsaya a kan kalmar da Turawa ke kira besilayin. Abin da ake nufi shi ne rubutun da malami yake sa ɗalibai su yi a gabansa a cikin aji, a makon farko ko na biyu na zango, ya ajiye shi, domin idan suka kawo aikin gida daga baya ya san da abin da zai kwatanta. Na fara sa "rubutun farko", amma ban gamsu ba. Ina neman shawarar malamai.

Malam Bello: Wa alaikumus salam. A ganina "gwajin farko" ya wadatar, Malama, tunda a aji ake yin sa, an ƙayyade lokaci, kuma malami yana tsaye. Duk abin da ya haɗa waɗannan uku ai gwaji ne.

Malam Usman: Siffar da ka ba shi daidai ce, Malam Bello, amma sunan zai ɓata aikin. Da zarar ɗalibi ya ji "gwaji" zai ɗauka akwai maki, kuma mai tsoron rasa maki yakan guji doguwar jimla da kalmar da bai tabbatar da rubutunta ba, sai ya ba ka rubutun da bai yi kama da nasa na kullum ba. Abin da ake nema kuwa shi ne yadda yake rubutu idan an bar shi da kansa. Shi ya sa ake ba da minti 30 zuwa 40, a zaɓi batun da ba ya bukatar an karanta wani littafi, kuma irin rubutun ya zama ɗaya da wanda za a nema daga baya. Idan aikin zangon rubutun kafa hujja ne, kada a ce su ba da labarin hutunsu, domin mutum ɗaya yana iya sakin jiki a labari ya kuma daburce a hujja, sai kwatancin ya tashi a banza.

"Rubutun farko" kuma matsalarsa ita ce zai rikice da daftarin farko, wanda ake gyarawa a sake miƙawa. Wannan ba a gyara shi. Ana sa masa suna da kwanan wata, a ajiye shi yadda yake. Ni ina ba da shawarar "rubutun mafari", domin yana nuna inda ɗalibi ya tashi.

Malam Ɗanjuma: Me zai hana a ce "rubutun shaida"? Ai amfaninsa ke nan, idan yaro ya kawo aikin da wani ya rubuta masa, ka fito da takardar ka aza a gabansa, magana ta ƙare.

Malam Usman: Nan ne nake jin tsoro, ɗan'uwa. Takardar ba ta isa shaida ba. Rubutun minti 40 da alƙalami, ba ƙamus, ba damar sake karantawa, dole ya gaza aikin da aka yi a gida cikin mako guda, aka duba aka gyara. Bayan haka, idan koyarwarka ta yi amfani, ai ya kamata aikin mako na takwas ya fi na makon farko. Wanda ya ɗauki kowane bambanci a matsayin laifi, ɗalibin da ya fi ƙoƙari shi zai fara hukuntawa.

Malama Rabi: Bari in kawo abin da ya faru a ajina, domin ya shafi wannan saɓanin. Wata ɗaliba ta rubuta mini kalmomi kusan 220 a makon farko, duk a sakin layi ɗaya. Tana haɗa jimlolinta da "kuma" kusan ko'ina, tana raba "yana" ta rubuta "ya na", ba ta kuma bambanta "a kan" da "akan". A mako na takwas ta kawo aikin gida mai kalmomi kusan 600 a sakin layi biyar, ƙa'idojin rubutu duk sun gyaru. Wannan gyaran bai dame ni ba, saboda mun yi darasin raba kalmomi da haɗa su a mako na huɗu, kuma irin kuskuren da ake kamawa ne idan an sake karantawa. Abin da ya tsayar da ni shi ne aikin bai yi kama da kansa ba. Sakin layi na ɗaya da na biyu da na biyar suna ɗauke da jerin "kuma" ɗin da na santa da shi, amma na uku da na huɗu babu shi ko kaɗan, jimlolin sun zama masu rassa, da wasu keɓaɓɓun kalmomi da ba mu taɓa yi a aji ba.

Na kira ta ni da ita kaɗai, na ce ta bayyana mini hujjar sakin layi na uku da bakinta. Ta yi bayanin sauran ba tare da gargada ba, wannan kuwa ta kasa, sannan ta faɗa da kanta cewa daga wani littafi ta kwaso don ta ga ya dace, ba ta san ana ambaton inda aka ɗauko ba. Na sa ta sake rubuta sakin layin biyu da kalmominta, ta ambaci littafin. Da ba ni da takardar makon farko, da ko dai na zargi aikin gaba ɗaya, ko kuma na wuce ban lura ba.

Malam Ɗanjuma: To ai ga shi ta kama ta, Malama.

Malama Rabi: Takardar ta nuna mini inda zan yi tambaya ne, Malam. Amsar daga bakin yarinyar ta fito. Kuma ta wanke mata sakin layi uku, abin da sunan "shaida" ba zai sa sabon malami ya tuna ba. Ni na fi karkata ga "rubutun tushe", domin a kansa ake gina kwatancin.

Malam Bello: Na janye "gwaji", amma ina da tambaya. Idan babu maki, kuma aka gaya musu za a kwatanta, wasu za su yi sakaci, wasu ma su rage ƙoƙari da gangan don a ga sun ci gaba. A ɓoye musu dalilin mana.

Malam Usman: Ɓoyewa ba adalci ba ne, Malam, kuma ranar da ka fito da takardar za su ga tarko aka ɗana musu. A gaya musu tun farko cewa za a yi amfani da ita wajen sanin abin da za a koyar da kuma kwatanta ayyukansu. Mai rage ƙoƙari da gangan kansa yake cuta, domin shi ne aikinsa na gaba zai fi jawo tambaya. Maganin sakaci kuma shi ne a karɓi wani rubutun a aji a tsakiyar zango, don kada a dogara da rana ɗaya, wadda ɗalibi zai iya kasancewa ba shi da lafiya a cikinta. Wanda ya yi fashi a ba shi wata rana a gaban malami, wanda kuma yake da lalurar da ta sa yake rubutu da na'ura ko yake bukatar ƙarin lokaci a ba shi abin da aka saba ba shi.

Game da "tushe", Malama Rabi, abin da ya hana ni shi ne muna amfani da kalmar wajen littafin da aka ɗauko bayani daga ciki. A labarinki ma, da kin ce wa yarinyar "ina tushen?", littafin za ta nuna miki.

Malama Hadiza: Wannan hujjar ta gamsar da ni. Zan sa "rubutun mafari" a takardar jagorar, na tsakiyar zango kuma in kira shi "rubutun tsakiya", tare da jimla ɗaya da ke cewa shi kaɗai ba ya tabbatar da laifi. Na gode muku ƙwarai.

Malam Bello: Sunan ya yi, amma batun maki ban sauka ba. Ni zan riƙa ba da maki 2 ga duk wanda ya zauna ya cika shafi guda, ba tare da duba kyau ko rashin kyau ba.

Malama Rabi: Idan ka ɗaura makin a kan cika shafi, Malam, za su ƙara girman rubutu su maimaita magana. In dai za a bayar, a bayar don halarta kawai.