Granito na falo ya yi fari-fari bayan an ɗiga asid, in bar magini ya ƙarasa?

Maman Rabi: Salamu alaikum ƴan uwa. Mun gama gini a Bobiyel, saura kwana 10 mu tare. Ƙasan falo granito ne, mita 6 a kan 5, amma masu shafe da masu fenti sun bar shi duk ɗigon siminti. Magini ya ce a ba shi jika 15 ya sayo asid a Katako ya wanke, wai haka yake yi wa karo. Jiya ya gwada a bayan ƙofa, wurin ya yi kumfa yana tsuwa, da ya bushe sai ya koma fari, in ka shafa kamar bangon da ba a goge ba. Ya ce dattin ne ke fita. In bar shi ya ƙarasa, ko in kira masu injin guga?

Ɗan Adar: Wa'alaikumus salam. Ruwan zafi da omo da jabel, shi ke nan. Karon gidanmu a Tawa shekara bakwai yana walƙiya.

Maman Rabi: Ɗan Adar, ba karo ba ne, granito na ce. Kuma siminti ne ya bushe a kai, ba miya ba.

Malam Isufu: Hajiya, ki tsayar da shi yau ɗin nan. Kumfar da kika gani ba datti ba ne, ƙasan falonki ne ke narkewa. Tsakuwar da ke cikin granito ɓarɓashin marbur ce, marbur kuwa dangin dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti. Duk abu mai tsami yana cin wannan dutse, iska ta fita, ita ce tsuwar da kika ji. Simintin da ya riƙe tsakuwar ma asid na cinsa, don haka ne yake cire ɗigon siminti a kan karo, shi karon bai ji komai ba saboda fuskarsa gasasshiya ce kamar tangaran. A granito asid ba ya bambance simintin da kike so da wanda ba ki so. Ita walƙiyar ba wani mai aka shafa ba, santsi ne da guga ta kawo. In santsin ya tafi, ko ki wanke sau ɗari ba ya dawowa.

Hajiya Zara'u: Wayyo, kun taɓo min inda ke yi min ƙaiƙayi. Marbur fari maigida ya sa min a falo da matakala, Allah ya jiƙansa, kuɗin ba na ma son tunawa. Ranar sunan jikata aka zubar da zoɓo da lemun tsami a tsakiyar falo, muna ta hidima ba wanda ya kula sai dare. Da safe ja ya kama, ga kuma zoben gindin kofuna guda huɗu sun fito dishi-dishi. Yarinyar da ke taya ni aiki, don ta faranta min, ta ɗauko ruwan nan mai tsami na wanke masai, ta tsiyaya daga ƙofa har gaban talabijin, ta bi da tsintsiya. Har yau in rana ta shigo ta taga kana ganin sawun tsintsiyar layi-layi. Na kira wani ya shafa kakin goge ƙasa, jika 40. Sati uku ya yi kyau, hunturu na shigowa ƙura ta manne, ya koma ruwan toka, ƙanwata ta zame ta gurɗe ƙafa. Yanzu darduma na shimfiɗa a kai. Marbur a ƙarƙashin darduma, jama'a!

Ɗan Adar: Hajiya, da tun farko tabarma kika shimfiɗa a kan siminti, da rarar kuɗin ta kai ki Umra.

Hajiya Zara'u: Yaron nan, ka kiyaye ni.

Sani Mai Karo: Malam Isufu, da girmamawa, amma asid ba haram ba ne. Shekara 12 ina wannan aiki. A sirka shi da ruwa kashi goma, a wanke nan take, ba abin da zai faru. Kai har masu guga da kansu hodar da suke ƙarasawa da ita asid ce, na gani da idona.

Malam Isufu: Sani, rabin maganarka gaskiya ce. Hodar ƙarshe tana da wani asid mai laushi, amma ana sa ta ne ƴar kaɗan, ƙarƙashin inji, bayan an gama guga, a ɗauraye nan da nan. Ba ita ce ta Katako ba. Wanda ka sirka ɗin kuma ya fi lemun tsami ƙarfi nesa ba kusa ba, ga abin da lemun tsami ya yi wa Hajiya Zara'u. Maman Rabi, ɗigon simintin a jiƙa shi, a kankare da faffaɗan ƙarfen shafe a kwance, a hankali. Saura injin ya ɗauke. Da ruwa ake gugar, ana fara wa da faifai mai kaushi, lamba 50 ko 100, a bi 200, 400, 800, har 1500 ko 3000 in ana son ya ɗauki ido. Ki tsaya a kansu, masu gaggawa suna tsallake lamba, sai an bushe ki ga zane zagaye-zagaye. Bayan ƙofar ma gugar za ta gyara in bai ci da zurfi ba.

Sani Mai Karo: Malam kai a takarda ka sani, mu a ƙasa muke durƙushe.

Habsu: Sani, Malam Isufu ne ya gyara barandar makarantarmu, ba a takarda ya yi ba. Maman Rabi, mu an yi mana a Lazare bara, jika ɗaya da rabi kowace mita. Naki mita 30 ke nan, jika 45.

Abdu Wadata: Jika ɗaya da rabi? Wankewa aka yi muku, ba guga ba. Ni jika 4 kowace mita aka caje ni, kuma ni na biya man janareto don wuta ta ɗauke.

Maman Rabi: Wanda na kira ɗazu ya ce jika 90 duka. To wane ne daidai? Kuma bayan nan da me zan riƙa wankewa? Ƙawata ta ce binegar na sa walƙiya.

Malam Isufu: Binegar tsami ne, ki bar shi ga salati. Shara kullum ta fi wanki, don rairayin da takalmi ke shigowa da shi ya fi marbur tauri, shi ke karce shi. Sannan tsumma mai ɗanshi da ɗan sabulun ruwa, a ɗauraye, a tsane. Fura da nono, tsamiya, zoɓo, in sun zuba a ɗauke nan take. Tabon mai yana yin duhu, cin tsami yana yin haske da kaushi, da haka za ki gane. Jabel ba tsami ba ne amma yau da gobe yana dusasar da shi, kuma kada a taɓa haɗa shi da asid, hayaƙinsa na shaƙe mutum.

Abdu Wadata: Ku kuna da gidan kanku ma. Ni mai gidan da na tashi daga ciki ya riƙe min kuɗin ajiya na wata biyu, wai na kashe masa granito, alhali haka na tarar da shi, maginin da ya kawo ne ya wanke da asid kafin in shiga.

Habsu: Ni nawa mai gidan jika 120 ya ci, shi kuma fenti ya fake da shi. Ka ɗauki hoto ranar shiga?

Abdu Wadata: Ina fa! Dillalin ya ce ba komai, mutumin kirki ne.

Maman Rabi: Don Allah, jika 90 ɗin fa? Maginin yana ƙofar gida da galan ɗinsa.