Neman kalma: ƙananan halittun rafi da makin da ake ba su

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina da rahoton Faransanci na wani rafi a bayan Ngaundare, nan Kamaru, kuma ranar Litinin za a karanta wa masu unguwa da masu lambu fassararsa da Hausa. Kalma biyu sun tsaya mini, macroinvertébrés da indice biotique. Ta farko na sa ƙwarin ruwa, ta biyu ma'aunin tsaftar ruwa, amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Ɗan Lagdo: Ƙwarin ruwa ya yi mana, Yaya. Ba ƙwayoyin cutar nan ba ne da ake dubawa da madubin asibiti?

Malamar Kimiyya: A'a ƙanena, waɗannan da ido ake ganinsu. Mutum zai shiga rafi da ragar hannu mai ƙananan idanu, ya kafa ta a ƙasan ruwa, ya tsaya ta sama da ita yana tumurmusa duwatsu da yashi da ƙafa na minti uku, ruwa yana kora abin da ya tashi cikin raga. Sai a juye a farin faranti. Za ka ga tsutsar mazari, da wasu jajayen tsutsotsi sirara kamar zare, da dodon koɗi, da matsattsaku, wani lokaci har ƙaguwa. Ka ga dodon koɗi da ƙaguwa ba ƙwari ba ne. Mai Fassara, turo mana jadawalin da ke cikin rahoton, domin kalmarka ta biyu ta fi damuna.

Mai Fassara: Ga shi, Malama. Wuri biyu suka ɗiba, sama da inda lambatun mayanka ke zuba, da ƙasa da shi.

```
Sama: Heptageniidae 10, Gomphidae 8, Libellulidae 8, Caenidae 7,
Hydropsychidae 5, Baetidae 4, Chironomidae 2
BMWP 44   ASPT 6.3

Ƙasa: Coenagrionidae 6, Dytiscidae 5, Corixidae 5, Notonectidae 5,
Baetidae 4, Planorbidae 3, Lymnaeidae 3, Physidae 3,
Glossiphoniidae 3, Chironomidae 2, Oligochaeta 1
BMWP 40   ASPT 3.6
```

Ni da na ga 44 da 40 na ɗauka wurin biyu kusan ɗaya ne. Ƙasa ma ya fi yawan iri.

Malamar Kimiyya: Nan mutane suke faɗawa. Kowane dangin halittun da ke jadawalin yana da makinsa daga 1 zuwa 10, gwargwadon yadda yake jure ruwan da ruɓaɓɓen abu ya cinye masa iska. Mai 10 ba ya jurewa ko kaɗan, mai 1 ko a lambatu zai rayu. Kuma sau ɗaya ake ƙirga dangi, ko guda ɗaya aka kama ko ɗari. To jimla, wato BMWP, tana hawa ne da yawan dangi, ko da duk masu taurin rai ne. Shi ya sa ake raba ta da adadin dangin, a sami ASPT. A sama 44 a raba 7 ya ba da 6.3, a ƙasa 40 a raba 11 ya ba da 3.6. Dubi su wa suka ɓace: mai 10, masu 8 biyu, da mai 7. Su wa suka shigo? Dodon koɗi iri uku, matsattsaku, tsutsar laka, sai ƙwarin da suke hawowa saman ruwa su ɗebi iska, waɗanda ba ruwansu da ko ƙasan ya shaƙe. Jini da tumbi daga mayanka ne suke ruɓewa suna cinye oksijin. Wannan shi ne labarin da rahoton yake bayarwa.

Baba Tsohon Rediyo: Ni dai tun da nake aiki ban taɓa sa wa mai sauraro maki a kunne ba. Maki Turanci ne aka yi masa rawani. A ce daraja. Su halittun kuwa na daɗe da raɗa musu suna: shaidun ruwa. Ba shaida suke bayarwa a kan ruwan ba? Mizanin shaidun ruwa, an gama.

Ɗan Lagdo: Baba, mizani kuma Larabci ne, shaida ma haka, daraja ma haka.

Baba Tsohon Rediyo: Larabci ya kwana a gidan Hausa tun kafin a haifi kakanka, yaro. Ku 'yan yanzu rabin maganarku Faransanci, rabi Fulatanci, in kun rasa kalma sai ku leƙa Kano ku kwafo. Sai abin da Kano ta ce ne Hausa? Mu nan Garwa ba mu da bakin raɗa suna?

Hajiyar Marwa: Baba, ba wanda ya ambaci Kano a nan sai kai. Kuma in aka ce shaidun ruwa a gaban masu unguwa, wallahi wani zai ji shaiɗanun ruwa, taro ya koma maganar aljannu. Ni tambayata daban. Mu a Marwa mayo ɗinmu, wato rafinmu, yashi ne zalla, rabin shekara ma a bushe yake. Ɗaliban da suka gwada wannan lissafi bara sun samu maki ƙasa sosai a wurin da ba gida ba mayanka. Ruwan ya lalace ke nan?

Malamar Kimiyya: Ba lallai ba, Hajiya. A Birtaniya aka tsara BMWP, don rafukan da ke gudu duk shekara. Dangin Heptageniidae jikinsu a shafe yake, suna manne wa dutse a ruwa mai gudu. Inda babu dutse ba za ki same su ba ko ruwan ya kai na ƙorama kyau. Haka in aka ɗiba bayan ambaliya, ko lokacin da mayo ya yanke ya zama kududdufai. Ga kuma halittunmu da ba sa cikin jerin Turawan sam, kamar ƙaguwar rafi, sai a kama ta a rasa makin da za a ba ta. Tsarin Afirka ta Kudu, SASS5, ya sa ta, makinsa ma har 15 yake kaiwa, don haka ba a haɗa lambarsa da ta BMWP. Abin da ya ba rahoton Ngaundare ƙarfi shi ne rafi ɗaya ne, sama da ƙasa. Amma Mai Fassara, duba ko sun rubuta yanayin ƙasan ruwan a wurin biyu. In sama dutse ne ƙasa laka, wani ɓangare na bambancin ba laifin mayanka ba ne.

Mai Fassara: Na duba. Rana ɗaya aka ɗiba, a watan Disamba, duka biyun tsakuwa da dutse. To ma'aunin tsaftar ruwa fa?

Malamar Kimiyya: Cire tsafta gaba ɗaya. Ka ce wa mai lambu ruwan sama ya ci makin tsafta, gobe zai cika jarka ya kai gida a sha. Wannan awon bai san komai a kan kwalara ko taifot ba, wancan sai an kai ruwa ɗakin gwaji. Lafiyar rafin yake nunawa, ko abin da ke cikinsa yana samun numfashi. Sannan ka ja kunnensu a kan Planorbidae da ke ƙasa: a cikin dangin nan ake samun dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Makinsa 3 kawai, ba ya nuna ko yana ɗauke da cutar, amma yara suna wanka a wurin.

Ɗan Lagdo: To a ce makin lafiyar rafi, ASPT kuma matsakaicin maki.

Baba Tsohon Rediyo: Rafi yana ciwon kai ne da za a ce lafiyarsa?

Hajiyar Marwa: Baba, ai ana cewa ƙasa ta gaji, gona ta mutu.

Mai Fassara: Na ɗauki makin lafiyar rafi da matsakaicin maki, zan kuma ƙara jimla ɗaya cewa wannan ba izinin sha ba ne. Ta farkon ce har yanzu. Ƙananan halittun gindin rafi ya yi tsawo, kuma sau da yawa take fitowa. Zan faɗe ta cikakkiya a farko, in lissafa su, daga nan in riƙa cewa ƙwarin rafi.

Malamar Kimiyya: Ƙwarin bai yi mini ba, amma in ka lissafa dodon koɗi da matsattsaku a farkon, na haƙura.

Baba Tsohon Rediyo: Ku yi yadda kuka ga dama. Amma ko a kanun shafi na biyu ka sa mini shaidun ruwa, mu gani ko wani zai ji aljani.

Mai Fassara: Shafi na biyu jadawali ne, Baba, ba shi da kanu.